Yadda Ake Fitar da Jadawalin Bin Sawu Daga Hargitsattsen Rubutu Don Gano Sakin Layin da Ba Ya Gurbinsa

Akwai rubutun da za ka karanta ka rasa inda laifinsa yake. Jimlolin lafiya lau, hujjojin sun cika, amma duk wanda ka ba shi ya karanta sai ya ce maka ya ɓace a tsakiya. Galibi matsalar jeri ce: bayanin da ya kamata ya zo a gaba ya koma baya, ko shawara ta riga dalilinta zuwa. Kai da ka rubuta ba za ka gani ba, domin komai yana cikin kanka tun kafin ka fara karantawa, duk giɓin da ka tarar sai ƙwaƙwalwarka ta cike maka shi ba ka sani ba.

Maganin da nake amfani da shi shi ne jadawalin bin sawu. An saba a tsara jadawali tukuna sannan a yi rubutu. Wannan kuwa bayan an gama rubutun ake fitar da shi: ka bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya, ka taƙaita kowanne a layi guda, har rubutu mai shafi shida ya koma rabin shafi da ido zai iya kallonsa gaba ɗaya. Da yawa suna tsayawa a taƙaitawar. Ni a wurina aikin bai cika ba sai an tambayi kowane sakin layi abin da mai karatu yake bukatar ya riga ya sani kafin ya iso gare shi, domin wannan tambayar ce take tona asirin wanda ya zauna a gurbin da ba nasa ba.

Kayan aiki

Kana bukatar rubutun da aka kai ƙarshensa, ko da ya hargitse. Idan rabi ka yi, ka ƙarasa tukuna, don ba za ka san abin da ya bar gurbinsa ba alhali wasu guraben ba a ma gina su ba. Sai farar takarda ɗaya da za ka ja wa layi, da biro kala biyu, ɗaya na rubutu ɗaya na alama. Idan da hali ka buga rubutun a takarda, ido ya fi ganin tsari a takarda fiye da a fuskar kwamfuta. Ka tanadi ƙananan takardu, kowace kamar tafin hannu, adadin sakin layin da kake da su da ƙarin biyar ko shida.

Idan babu na'urar bugawa, ba komai, ka bar rubutun a kwamfuta ko waya, amma jadawalin ka yi shi a takarda da hannu. Kafin ka taɓa komai kuma, ka ajiye kwafi na biyu da wani suna daban. A kan kwafin za ka yi aiki, na asali ya zauna yadda yake.

Mataki na 1: Ka ba kowane sakin layi lamba

Ka fara daga sama, 1, 2, 3, har ƙasa, a gefen takarda ko a farkon kowane sakin layi idan a na'ura ne. Lambar nan ita ce sunansa har a gama aiki, ko ya koma wani wuri ba ta canzawa. Idan rubutun ya zo a dunƙule babu sakin layi ko ɗaya, ka ja ɗan layi duk inda ka ji magana ta juya, ka ba kowane yanki lamba.

Kada ka gyara komai a wannan matakin, ko waƙafi. Da zarar ka fara goge jimla, hankalinka ya bar tsari ya koma kan kalmomi, wataƙila ma jimlar da kake wahala a kanta tana cikin sakin layin da za a cire.

Mataki na 2: Ka rubuta abin da kowanne ya faɗa

Ka raba farar takardar gida huɗu daga sama zuwa ƙasa: lamba, abin da ya faɗa, aikin da ya yi, abin da yake bukata. Gida na biyu ya fi kowanne faɗi.

Ka karanta sakin layi na 1, ka ɗauke ido daga kansa, ka rubuta abin da ya faɗa a jimla ɗaya cikakkiya, kada ta wuce kalma goma sha biyu ko makamancin haka. Cikakkiyar jimla nake nufi, mai aikatau. Idan ka rubuta "zafi da batir", kan magana kawai ka ba da, kuma sakin layi uku za su iya ɗaukar wannan kan maganar ba tare da ka lura suna maimaita juna ba. Idan ka rubuta "zafi yana saurin tsufar da batir", ka faɗi wani abu da za a iya aunawa da na gaba da na baya.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya rubuta abin da ya so ya faɗa maimakon abin da yake kan takarda. Ka yi gaskiya: duk kalmar da ka sa a taƙaitawar, ka iya nuna jimlar da ta fito daga cikinta da yatsa. Haka kuma kada ka kwafo jimlar farko ka ce ita ce taƙaitawa. A rubutun farko sau da yawa sakin layi yakan fara da abu ɗaya ya ƙare da wani, kuma ainihin maganar tana can ƙasa.

Abu biyu za su iya faruwa da kai. Idan taƙaitawar ta ƙi yiwuwa sai da "da kuma" a tsakiyarta, sakin layi biyu ne suka shiga riga ɗaya. Ka ba su layi biyu, 7a da 7b. Idan kuwa ka karanta sau biyu ka kasa faɗin abin da ya ce, ka sa alamar tambaya ka wuce. Irin wannan yawanci tunani ne kake yi da biro a hannu lokacin da ka rubuta shi.

Mataki na 3: Ka rubuta aikin da ya yi

Kalma ɗaya ko biyu ta isa: gabatar da matsala, ma'ana, dalili, misali, shawara, suka, amsar suka, kammalawa. Wannan gidan ba ya ɗaukar lokaci, amma shi ne zai nuna maka misalin da ya riga abin da yake misaltawa, ko amsar da ta zo kafin a yi sukar.

Mataki na 4: Ka rubuta abin da yake bukata

Nan ne zuciyar aikin, don haka kada ka yi gaggawa. Ka koma kan rubutun kansa, ba taƙaitawar ba, ka karanta kowane sakin layi kamar baƙon da bai san komai ba sai abin da ya karanta a sama. Ka tambayi kanka: wace kalma ko hujja ce wannan ya ɗauka cewa na riga na sani, kuma a wane sakin layi aka yi bayaninta? Lambar wancan sakin layin za ka rubuta a gida na huɗu.

Akwai kalmomin da suke nuna maka hanya, ka zagaye su da biron alama duk inda ka gan su: "wannan matsalar", "kamar yadda muka gani", "dalili na biyu", "saboda haka", "akasin haka", da duk wata kalma ta fanni da aka ambata ba bayani. Kowace daga cikinsu tana nuni da wani wuri. Ka bi ta ka ga inda ta sauka. Idan "dalili na biyu" yana sakin layi na 4 alhali na farkon yana na 6, ka kama ɗaya.

Ƙa'idar dubawa mai sauƙi ce: lambar da ke gida na huɗu ta zama ƙasa da lambar sakin layin kansa. Na 6 ya bukaci na 3, daidai ne. Na 2 ya bukaci na 5, akwai matsala, ka zagaye shi. Idan kuma ya bukaci abin da babu shi ko'ina a cikin rubutun, ka rubuta "babu", wannan giɓi ne da sai an rubuta sabon abu a cike shi.

Sai dai ka bambance bukata iri biyu, don kada ka rushe abin da yake daidai. Akwai sakin layin da ba za a fahimce shi ba sai da na baya, akwai kuma wanda za a fahimce shi sarai, hujjarsa ce kawai take tafe. Marubuci yana iya faɗin matsayarsa tun a farko ya kawo hujjoji daga bisani, kuma haka ake rubuta labarin jarida, abin da ya faru a sama, bayani a ƙasa. Wannan ba laifi ba ne muddin mai karatu ya gane kalmomin kuma ya san hujja na zuwa. Bukatar fahimta kaɗai ake sa wa lamba.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce rubutu ne mai sakin layi tara kan abin da ke sa batirin waya ya daina riƙe caji. Ga yadda jadawalinsa ya fito:

1. Wayar da ta daɗe ba ta riƙe caji kamar sabuwa. Aiki: gabatar da matsala. Bukata: babu komai.
2. A riƙa tsayar da caji tsakanin kashi 20 da 80 don a sauƙaƙa wa kowane zagaye. Aiki: shawara. Bukata: 5.
3. Zafi yana saurin tsufar da batir. Aiki: dalili. Bukata: 1.
4. An yi kiran farko da wayar hannu a 1973. Aiki: tarihi. Bukata: babu komai.
5. Zagaye ɗaya shi ne amfani da kashi 100 na caji a jimlace, kuma batir yana raguwa da yawan zagaye. Aiki: ma'ana da dalili. Bukata: 1.
6. Kada a bar waya a rana ko a yi wasa mai nauyi tana caji. Aiki: shawara. Bukata: 3.
7. (a) Ana iya duba lafiyar batir a cikin wasu wayoyi. (b) Batirin da ya kumbura a daina amfani da shi a canza. Aiki: shawara biyu. Bukata: 5.
8. Batir ba ya son zafi. Aiki: dalili. Bukata: 1.
9. Rage zafi da kula da caji suna tsawaita rayuwar batir. Aiki: kammalawa. Bukata: 2, 6.

Dubi na 2. A cikin rubutun jimlar ta ce, "hakan yana sauƙaƙa wa kowane zagaye," amma mai karatu bai san mene ne zagaye ba sai ya kai na 5, inda aka bayyana cewa idan ka ci kashi 60 yau ka ci 40 gobe, zagaye ɗaya ke nan. Marubucin ya san wannan tun kafin ya zauna, shi ya sa bai ji komai ba. Mai karatu kuwa ya riƙe kalmar da bai gane ba har tsawon sakin layi uku, in ma ya yi haƙurin kaiwa can.

Na 6 bai karya ƙa'idar lamba ba, 3 tana ƙasa da 6. Amma dubi abin da ke tsakaninsu: tarihi da ma'anar zagaye, babu wanda ya shafi zafi. Kafin a zo shawarar, dalilinta ya yi sanyi. Wannan shi ne nau'i na biyu na rashin gurbi, wato nisa. Idan sakin layi biyu ko fiye da ba su da alaƙa suka shiga tsakanin abu da abin da yake bukata, ka ja kibiya ka haɗa su.

Na 8 da na 3 magana ɗaya ce da kalmomi daban, kuma ina zargin nisan nan ne ya haife ta: marubucin ya ji a jikinsa cewa zancen zafi ya yi nisa, sai ya sake faɗa. Na 4 kuwa, ka duba gida na huɗu daga sama har ƙasa, babu wanda ya ambaci lambarsa, shi ma bai dogara da kowa ba. Labari ne mai daɗi kuma gaskiya ne, amma ba na wannan rubutun ba ne.

Mataki na 5: Ka karanta jadawalin shi kaɗai

Ka kife rubutun. Ka karanta gida na biyu da ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, kana sa kalmar haɗi tsakanin kowane layi da na gaba: "saboda haka", "amma", "domin", "misali", "bayan haka". Inda ɗaya daga cikin waɗannan ta zauna daram, haɗin yana da kyau. Inda babu abin da ya shiga sai "har ila yau" ko "wani abu kuma", ka sa alama. A misalinmu, gwada tsakanin 3 da 4: "Zafi yana saurin tsufar da batir, saboda haka an yi kiran farko a 1973." Kunne ma ya ƙi. Gwada 3 da 6: "Zafi yana saurin tsufar da batir, saboda haka kada a bar waya a rana." Ka ji yadda ya zauna.

Ba kowane "har ila yau" ne laifi ba. Idan dalilai uku ne masu matsayi ɗaya kake jerowa, dole su bi juna haka. Abin dubawa shi ne ko suna tare a wuri ɗaya, kuma wanne ka sa a ƙarshe.

Mataki na 6: Ka sake jeri a kan ƙananan takardu

Ka kwafe kowane layi a kan ƙaramar takardarsa, da lambarsa ta asali da lambar abin da yake bukata. Ka shimfiɗa su a kan tebur. Ka fara da waɗanda ba sa bukatar kowa, sannan kada ka ajiye wata takarda sai duk waɗanda take bukata sun riga ta sauka. Masu maimaita juna ka ɗora su a kan juna. Wanda ba shi da alaƙa da kowa ka ture shi gefe, kada ka yaga, yana iya zama farkon wani rubutun.

A misalin batir, ga jeri biyu da suka cika ƙa'ida. Na farko: 1, 5, 2, 3 haɗe da 8, 6, 7a, 7b, 9, wato kowane dalili da shawararsa a bayansa. Na biyu: 1, 5, 3 haɗe da 8, 2, 6, 7a, 7b, 9, wato dalilai duka tukuna sannan shawarwari duka. Jadawali ba zai zaɓa maka tsakaninsu ba, sai ka tuna wanda kake rubuta wa. Ga mai waya da yake neman abin da zai yi, ni na farkon zan ɗauka, domin yana samun shawara tun dalilin yana da ɗumi. Ga ɗalibin da ake so ya fahimci yadda batir yake tsufa, na biyun ya fi.

Wani lokaci za ka tarar biyu sun riƙe juna, na 4 yana bukatar na 7, na 7 kuma yana bukatar na 4, duk wanda ka sa a gaba ɗayan ya koka. Kusan kullum jimla ɗaya ce ko biyu a cikin ɗayansu ake bukata, yawanci ma'anar wata kalma. Ka ciro wannan jimlar ka kai ta gaban su biyun, kullin zai warware.

Ka fara gwada ƙaramin motsi kafin babba. Idan ɗaga sakin layi ɗaya ya gyara matsala uku, kada ka wargaza sauran. Idan ka gamsu da jerin, ka ɗauki hotonsa da waya kafin iska ko gwiwar hannu ta watsa shi.

Mataki na 7: Ka motsa rubutun kansa

Yanzu ka buɗe kwafin. A manhajar Word ta kwamfuta mai Windows, idan ka sa alamar rubutu a cikin sakin layi ka danna `Alt+Shift` tare da kibiyar sama ko ta ƙasa, zai hau ko ya sauka gaba ɗayansa, ba sai ka yanke ka liƙa ba. Idan rubutun dogo ne, ka rubuta taƙaitawar kowane sakin layi a samansa, ka mai da ita `Heading 1`, ka buɗe `View` ka zaɓi `Navigation Pane`. Jadawalinka zai fito a gefe, kuma duk kan da ka ja zuwa wani wuri zai tafi da rubutun da ke ƙarƙashinsa. Idan ka gama sai ka goge kanun.

A waya kuwa yankewa da liƙawa a cikin fayil ɗaya yana saurin ɓatar da sakin layi. Gara ka buɗe sabon shafi, ka riƙa kwafo su ɗaya bayan ɗaya bisa sabon jerin, kana soke kowace lamba a takarda da zarar ta shiga. A ƙarshe ka ƙirga, adadin ya yi daidai da takardun da ke cikin jerin. Kada ka goge lambobin asali sai bayan wannan ƙirgar.

Mataki na 8: Ka gyara mahaɗai

Duk sakin layin da ya tashi ya bar rauni a wuri uku: inda ya baro, samansa a sabon wuri, da ƙasansa. Ka karanta jimlar ƙarshe ta kowane sakin layi tare da jimlar farko ta mai bi masa. Kalmomin da ka zagaye a mataki na 4 su za ka fara dubawa. A misalinmu, sakin layi na 6 ya fara da "kamar yadda aka ambata a baya, zafi...", yanzu da yake manne da na 3 wannan ya zama nauyi, "saboda haka" ta wadatar. Na 3 da na 8 kuma ba liƙa su za ka yi ba. Ka ɗauki wanda ya fi ƙarfi, ka tsinto jimla ɗaya ko biyu masu sabon abu daga ɗayan, sauran su tafi. Ka duba gabatarwa ma: idan ta yi alkawarin jeri, "za mu fara da kaza sannan kaza", ta bi sabon jerin.

Daga nan ka sake ba su sababbin lambobi, ka cike gida na huɗu kaɗai a karo na biyu. Ba zai ɗauke ka lokaci ba, kuma yana kama abin da motsin ya ɓata, domin sakin layin da ka ɗaga sama yana iya barin abin da shi ma yake bukata a ƙasa.

Idan rubutun ya kai babi-babi, kamar kundin bincike, kada ka shimfiɗa takarda ɗari a tebur. Ka fara yin jadawalin a matakin sassa, layi ɗaya ga kowane sashe, ka daidaita su, sannan ka shiga cikin kowane sashe ka bi sakin layinsa. Idan kuma ka ga idonka ya saba da rubutun har ba ka iya karanta shi kamar baƙo, ka bar shi ya kwana, ko ka ba wani da bai san batun ba ka ce masa, "Don Allah ka sa min alama duk inda ka ci karo da kalma ko maganar da ba a riga an bayyana maka ba." Alamominsa su za ka juye cikin gida na huɗu.